Karatu a cikin mota: naɗin murya da ƙananan katuna

*Malam, ina aji biyu a makarantar koyon aikin jinya. Kullum sai na yi awa ɗaya da rabi a bas kafin in isa, haka ma wajen dawowa. Ina naɗar muryar malamai a waya in saurara a hanya, amma in aka yi mana gwaji sai in ji kamar ban taɓa jin abin ba. Saura mako takwas jarrabawa. Ya zan yi da wannan lokacin?*

Ƙanwata, laifin ba na ƙwaƙwalwarki ba ne, na irin aikin da kika ba ta ne. Mai sauraron lacca a mota ba ya yin komai sai karɓa. Maganar malam tana shiga, kina gane ta, zuciya ta ce "ai na san wannan", sai jimla ta gaba ta zo ta ture ta. Gane abu idan an faɗa miki daban ne da fito da shi daga kanki idan an tambaye ki, kuma na biyun ne jarrabawa ke nema. Don haka shawarata guda ce: ki mayar da hanya wurin amsa tambaya. Sabon darasi a koya shi a zaune, da littafi da biro. Abin da aka riga aka fahimta shi ake ɗauka a shiga da shi mota don a yi ta tono shi.

Akwai wani gwaji da ya nuna wannan a fili. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wani rukuni ya yi ta karanta shi a zama huɗu na minti biyar-biyar. Wani rukunin ya karanta a zama ɗaya kawai, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai lamarin ya juye: masu maimaita karatu suka tuna kashi 40 cikin ɗari, masu tono abin daga ka suka tuna kashi 61. Abin da ya fi ja mini hankali shi ne masu maimaicin su ne suka fi tabbacin cewa za su tuna. A kan karatun ido aka yi gwajin, amma sauraron lacca sau uku a hanya irin wannan maimaicin ne, kuma irin wannan tabbacin na banza yake bayarwa.

Bari mu ɗauki darasi guda daga cikin karatunku mu bi shi daga tebur har zuwa mota: yadda jiki ke daidaita sukari a jini.

Da dare, bayan kin karanta darasin kin gane shi, ki rufe littafi ki yi katuna. Kwali ko takarda mai kauri za ki yanka daidai tafin hannu, tambaya a gaba, amsa a baya. Kuskuren da kusan kowa ke yi a farko shi ne ya rubuta "Insulin" a gaba, a baya kuma ya cika da layi takwas. Irin wannan katin ba ya gwaduwa. Idan kin tuna layi biyar kin manta uku, kin ci ne ko kin faɗi? Za ki ce kin ci, ukun nan kuma su ɓace. Ki fasa shi. Kati na farko: "Waɗanne ƙwayoyin fankiriyas ne ke yin insulin?" A baya: "Ƙwayoyin beta." Na biyu: "Waɗanne ne ke yin gulukagon?" A baya: "Ƙwayoyin alfa." Na uku: "Da wace siffa hanta ke ajiye gulukos?" A baya: "Gilaikojin." Na huɗu: "Ƙasa da nawa ake cewa sukarin jini ya faɗi?" A baya: "70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L." Kowanne amsarsa ɗaya ce, ko kin sani ko ba ki sani ba, kuma ba zai ci miki fiye da daƙiƙa goma zuwa sha biyar ba. Wannan gajartar ita ta sa katin ya dace da mota, domin in direba ya taka birki ko wani ya ce ki matsa masa, kati ɗaya kika rasa, ba zaren bayani gaba ɗaya ba.

Kada duk katunan su zama na suna da lamba. Ki sa kaɗan masu tambayar dalili, amma su ma amsar ta tsaya a jimla ɗaya. "Me ya sa mai faɗuwar sukari ke gumi da rawar jiki?" A baya: "Jiki na sakin adiranalin don ya ɗaga sukarin." Irin wannan katin ne ke ɗaure ƙananan bayanan da juna. In babu shi, za ki tara abubuwa ɗari uku a ka waɗanda ba su san juna ba.

Sai kuma yaushe za ki sake ganin kowane kati. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana da sauri ƙwarai a farkon lokaci bayan koyo, daga baya ta rage gudu. Shi ya sa bitar farko take zuwa da wuri, na bayanta kuma a riƙa nisanta su. A 1972 wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya mayar da wannan ya zama tsari na akwati mai ɗakuna: katin da aka amsa daidai ya matsa ɗaki na gaba inda ba a yawan dubawa, wanda aka kasa ya koma ɗaki na farko. Ba za ki shiga bas da akwati ba. Ambulan huɗu sun isa, ki rubuta musu 1, 3, 7 da 14, wato yawan kwanakin da kati zai jira. Katin da kika yi daren Lahadi yana ambulan 1, ki gan shi Litinin da safe. In kin amsa, ya koma ambulan 3, ki rubuta "Alhamis" da fensir a kusurwarsa. In kin sake amsawa ran Alhamis, ya koma 7, sai Alhamis ta sama. Daga nan 14. Ko'ina ya kai, in kika kasa shi, ya dawo ambulan 1 ba tare da sassauci ba. Da dare ki zaro waɗanda ranarsu ta zo, ki ɗaure su da roba, su kaɗai za ki fita da su. A mota aljihu biyu kike buƙata, na dama ga waɗanda kika ci, na hagu ga waɗanda kika kasa, rarraba su cikin ambulan sai kin dawo gida.

A nan ne mutane ke karya kansu, saboda ba sa lissafi. Kowane sabon kati bashin bita huɗu ne kika ci. Idan kina yin sababbi goma a rana, bayan makonni uku da ɗoriya za ki riƙa samun kusan arba'in masu jiran bita kullum, ga waɗanda kika kasa suna dawowa, a ce hamsin zuwa sittin. Wannan aikin minti goma sha biyar ne, ko ashirin in hanya ba kyau. Idan kuwa zumuɗi ya sa kika yi talatin a rana, lissafin ya ninka uku, kuma ranar da kika yi fashi ɗaya, washegari tulin zai sa ki daina baki ɗaya. Ki tsaya a goma. Kwana biyar a mako, mako shida, katuna ɗari uku ke nan, kuma ɗari uku da kika riƙe da kyau ba ƙaramin abu ba ne a zauren jarrabawa. Makonni biyun ƙarshe kada ki ƙara sabo, sai bita. Dalili kuwa, kati yana buƙatar kwana goma sha ɗaya kafin ya kammala bitarsa ta uku, ashirin da biyar kafin ta huɗu. Wanda aka yi saura kwana huɗu jarrabawa bai samu tazarar da ake yin tsarin dominta ba.

In kin fi son waya, manhajar Anki tana yin wannan lissafin da kanta, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Sai dai a yadda take zuwa, sababbin katuna ashirin take bayarwa a rana, kuma jagorar manhajar da kanta ta ce hakan na iya kai mutum ga bita wajen ɗari biyu a kullum. Ki shiga saitin ki rage `New cards/day` zuwa goma. Kuma ki rubuta katunanki da kanki. Wanda wani ya shirya bai san abin da malaminki ya jaddada ba, bai san inda ke ruɗa ki ba, sannan zaɓen abin da ya cancanci zama tambaya shi kansa rabin karatun ne.

Yanzu ga naɗin murya, inda na fi son ki canza hanya kwata-kwata. Laccar malam ki bar ta a gida, ki saurari wurin da bai shige ki ba kina zaune da biro. Abin da za ki shiga mota da shi muryarki ce, kuma a tsarin tambaya, shiru, amsa. Kin faɗi tambaya, kin yi shiru wayar na ci gaba da naɗa, sannan kin faɗi amsa. Shirun nan shi ne karatun, domin a cikinsa ne za ki nemo amsar kafin muryarki ta ba ki ita. Paul Pimsleur ya gina darussansa na koyon harsuna a kan irin wannan tun shekarun 1960: a tambayi mai sauraro, a dakata masa, sannan a faɗi daidai.

Tsawon shirun yana da muhimmanci, kuma yawanci gajarta shi ake yi, saboda lokacin naɗa amsar na bakinki, daƙiƙa uku sai ta yi miki kamar ta isa. A mota, da hayaniya da gajiya, ba ta isa. Ga gajeriyar tambaya ki ƙirga shida zuwa takwas a zuci. Ga tambayar bayani, ki bar rabin minti ko fiye. Kuma tambayoyin bayani su ne ainihin rabon sauti, tunda ba sa shiga kati. Misali, ki naɗa: "Mutum ya ci abinci, sukarin jininsa ya hau. Bi abin da ke faruwa har ya sauka." Sai shiru na daƙiƙa arba'in. A cikin shirun kina jero shi, leɓɓanki na motsi ko da ba sauti: ƙwayoyin beta sun ji hawan sukari, sun saki insulin, tsoka da kitse sun ɗauki gulukos daga jini, hanta ta mayar da wani gilaikojin ta ajiye, sukari ya sauka, sakin insulin ya ragu. Sannan muryarki ta faɗi matakan nan cikin jimloli kaɗan, ki ji wanda kika tsallake. Tambaya ta gaba ki juya ta: "Mutum ya daɗe bai ci komai ba. Me ke hana sukarinsa faɗuwa?" Nan alfa, gulukagon, da hanta tana warware gilaikojin za su fito. Ta uku ki kawo ta gadon asibiti: "Majiyyaci mai amfani da insulin yana gumi, hannunsa na rawa, yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya. An auna an samu 60. Me za ki yi?" Amsa: a ba shi giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, a sake aunawa bayan minti 15, in bai kai 70 ba a maimaita. Tambaya uku, darasi ɗaya, ta fuska uku.

Na ce leɓɓanki su motsa da gangan. Idan amsar a zuci kawai take, abu ne mai sauƙi ki ji wani haske na "na sani" ki ɗauke shi a matsayin amsa. Sai kin sa ta cikin kalmomi za ki gane ko akwai ta ko babu.

Kowane fayil kada ya wuce minti takwas zuwa goma, darasi ɗaya, da suna bayyananne. Naɗa shi zai ci miki kusan kwata na awa, don haka biyu ko uku a mako sun wadatar. Ki naɗa a ɗaki shiru, wayar kusa da baki, ki yi magana a hankali fiye da yadda kika saba. Kada ki ƙara saurin sauraro a irin wannan fayil, domin shirun ma za ki taƙaita.

Sauti yana da rauni biyu da kati ba shi da su, kuma gara ki san su tun yanzu. Na farko, bai san abin da kika kasa ba. Zai yi ta maimaita miki wanda kika iya da wanda ba ki iya ba daidai wa daida. Maganinsa ɗan guntun takarda a hannu: duk tambayar da ta kayar da ke ki rubuta kalma ɗaya da za ta tuna miki, da dare ki mayar da ita kati. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Bayan sauraro uku ko huɗu za ki haddace jerin, har amsar tambaya ta biyar ta zo miki tun ana ta huɗu. Alamar ke nan cewa fayil ɗin ya gama aikinsa, abin da kike tunawa yanzu jeri ne kamar baitin waƙa, kuma a jarrabawa ba a wannan jerin za a tambaye ki ba. Ko dai ki sake naɗa da sabon jeri da sababbin kalmomi, ko kuma tun farko ki naɗa kowace tambaya a fayil nata, ki kunna `Shuffle` wayar ta riƙa cakuɗa su. Tazarar katuna ta shafi sauti ma: fayil ɗin da kika ji Litinin ki bar shi sai Alhamis, sannan sai mako mai zuwa.

Game da rabon lokacin, kada ki yi niyyar cika awa ukun nan da karatu. Ba za ta yiwu ba, kuma in kika gwada za ki isa aji a gajiye. Da safe, da kin samu wurin zama, ki yi katunan ranar, minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ki huta ki kalli hanya. Sannan fayil ɗaya. Da yamma ido ya gaji kuma haske ya ragu, don haka sauti ne ya fi: fayil ɗaya ko biyu, sai kuma waɗanda suka shiga aljihun hagu da safe ki sake duba su in akwai haske. Akwai wani abu da ba ya buƙatar kati ko waya, kuma ina ganin ya fi kowanne amfani a hanyar dawowa: minti biyar na farko ki tambayi kanki me aka koyar yau, ki jero manyan batutuwa uku na kowace lacca daga ka. Inda kika tsaya cak, nan ne za ki fara buɗewa da dare. Gaba ɗaya kusan awa ɗaya ke nan ta aiki na gaske a cikin uku. Sauran ki yi barci in da hali, domin barci na cikin abin da ke zaunar da karatu.

Idan kallon kati na sa ki jiri ko tashin zuciya, ba ragwantaka ba ce. Ido yana kan abin da ba ya motsi, sashen kunne na ciki mai kula da daidaito kuma yana jin motsin mota, saƙonnin biyu suka saɓa. Ki karanta tambayar da kallo ɗaya, ki ɗaga kai ki dubi hanya ta gaba yayin da kike nemo amsa, sannan ki juya katin. Rubutu manya-manya yana taimakawa, haka zama a gaba ko kusa da taga. In duk da haka bai bari ba, ki ajiye katuna sai wurin jiran mota ko cikin cunkoso, tafiyar kuma ta zama ta sauti.

Ki kula da kunnenki. Ƙarar inji tana sa mutum ya yi ta ƙara murya bai sani ba, ke kuma kullum ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya iyakar da ba ta cutarwa ga baligi a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma tana ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin muryar na'ura. Iyafis mai toshe kunne sosai yana rage hayaniyar waje, sai ki ji da kyau ba tare da ƙarawa ba. In kin cire kin ji kunne na ƙara ko muryoyi sun dushe, kin wuce gona da iri. Ki cire shi kuma wajen sauka da tsallaka titi. Duk abin da na faɗa na fasinja ne. Mai tuƙi da kansa kada ya yi tambaya da amsa, domin nemo amsa yana ɗauke hankali daga hanya ko da hannu biyu na kan sitiyari.

Akwai abin da mota ba za ta koya miki ba. Lissafin adadin magani da saurin ɗigar ruwan jijiya sai da biro, ki yi ta warware misalai. Kati zai riƙe miki ƙa'idar lissafin, ba zai ba ki hannun yin sa ba. Zane-zanen sassan jiki ma sai kin zana kin sa musu suna da kanki. Waɗannan su ne za su ci lokacinki na tebur, kuma tunda hanya ta ɗauke miki bita, za ki samu sararinsu.

Don ki san ko tsarin na aiki, kada ki dogara da yadda kike ji. Ƙarshen kowane mako ki ɗauki farar takarda, ki zaɓi darasin da kika yi wa katuna makonni biyu da suka wuce, ki rubuta duk abin da kika sani a kai cikin minti goma, sannan ki buɗe littafi ki gwada. Idan ƙananan bayanan sun fito amma kin kasa haɗa su su zama bayani, katunanki sun yi yawa a kan suna da lamba, ki ƙara tambayoyin dalili da na majiyyaci a sauti. Idan a mota kina cin kusan duk katunan amma a takarda ba su fito ba, to kin haddace kamannin katin ne, wata lanƙwasa a kusurwa ko kalmar farko ta tambayar, sai ki sake rubuta tambayoyin da wasu kalmomi. Idan kuma a kowane goma kina kasa huɗu ko biyar, ko dai katunan sun yi nauyi, ko kin yi su kafin ki fahimci darasin. Katin da ya dawo ambulan 1 sau huɗu kada ki ci gaba da kokawa da shi a hanya. Ki fitar da shi, ki koma littafi. Yawanci za ki tarar yana rikicewa ne da wani makamancinsa, kamar gulukagon da gilaikojin, kuma abin da yake buƙata sabon kati ne da zai sa su gefe da gefe: "Wanne ne sinadarin da fankiriyas ke saki, wanne ne ajiyar da ke hanta?"